Giɓin kwali 37: daga faɗan manaja zuwa tsarin gyaran sito

Faɗan shugaba a wurin aiki yakan zo da abu biyu a cakuɗe. Akwai hukuncin da ya yanke a kan halinka, irin su "kai ba ka san aikinka ba" ko "sakacinka ya yi yawa". Akwai kuma abin da ya gani da idonsa a cikin aikin. Na farkon shi ne yake ƙona rai, amma babu inda za ka kama shi ka gyara. Na biyun shi ne yake gyaruwa, kuma sau da yawa ba a faɗar sa dalla-dalla sai ka nema. Zan bi wannan hanya daki-daki da misali ɗaya da na bi da ƙafata, a aikin kula da sito na wani kamfanin sarin kayan masarufi a Kano.

Ƙidayar ƙarshen wata ta nuna kwalin taliya 1,200 a katin kaya, wato katin da ake rubuta shige da ficen kowane irin kaya, amma 1,163 ne a ƙasa. Giɓin kwali 37 ke nan. A wannan ƙidayar aka kuma zaro kwalayen madarar gari daga bayan jeri, lokacin amfaninsu ya wuce. Manaja ya yi faɗan a ƙofar sito, leburori suna tsaye, direba ya kashe mota yana saurare. Ya ce sakaci ne, ya ce an ba ni amana na yi wasa da ita, ya ce idan ba zan iya ba akwai masu jira.

A irin wannan lokaci jiki yana riga hankali. Kunne ya yi zafi, bugun zuciya ya ƙaru, baki ya bushe, sannan amsa ta zo kan harshe tun kafin mutumin ya kai aya. Wannan amsar ta farko kusan kullum kare kai ce, ko da gaskiya ce. Abin da ya fi saurin riƙe harshe shi ne a ba hannu aiki. Ka zaro biro da ƙaramin littafin da ke aljihunka ka fara rubuta abin da yake faɗa, da kalmominsa. Rubutun yana sa ka saurara don ka kama magana, ba don ka shirya martani ba, yana ba idonka wurin sauka ba tare da ka yi kama da mai gatsali ko mai harara ba, kuma gobe idan zuciya ta fara ƙara wa maganar gishiri kana da abin da aka faɗa a zahiri. Mutum yakan tuna kalma mafi zafi ya manta sauran. A shafina na ranar akwai layi huɗu, kuma ɗaya ne kawai zagi.

Kare kai da kowa ya sani shi ne na tura laifi: ai direba ne, ai leburori ne, ai haka na tarar da siton. Sai kuma "amma". Ka ce "na ji, ranka ya daɗe, amma..." kuma duk abin da ya gabaci "amma" ɗin ya goge. Akwai na uku da ba a cika ɗaukarsa kare kai ba, domin a wajenmu yana kama da tarbiyya. Shi ne ka sunkuyar da kai ka yi ta jera "a yi haƙuri, Yallaɓai, na yi kuskure, ba za a sake ba" har ya gaji ya tafi. A ganina wannan ya fi sauran ɓarna. Ka amsa laifin da ba ka san girmansa ba, ka yi alkawarin ba za a sake ba alhali ba ka san me ya jawo ba, kuma ka rufe ƙofar da bayani zai shigo. Manufarsa ɗaya ce da ta mai musu: a daina maganar. Ladabi yana nan daram, za ka rage murya, za ka ce ranka ya daɗe. Sai dai ladabin ya zo tare da tambaya.

Abin da na faɗa bai wuce wannan ba: "Ranka ya daɗe, na ji, kuma na rubuta. Taliya ce da madara kaɗai, ko akwai wani kayan da ka ga matsala?" Ya ce akwai kuma jinkirin rahoton mako, wanda akanta ya sha kawo masa ƙorafi a kai. Wannan ban san yana damun kowa ba, kuma da na tsaya ba da haƙuri da ban ji shi ba. Sai na ce, "Ka ba ni zuwa jibi bayan Azahar in bi takardu, in zo maka da abin da na samu da abin da zan yi." Tambayar "wane kaya, wace rana, nawa" tana jawo mai faɗa daga hukunci zuwa lissafi. Tambayar "me ya sa kake faɗin haka" tana mayar da shi kan hukuncin, ya ƙara nanata shi da ƙarfi. Wa'adin kuma dole ya zama da rana da lokaci. Idan ka ce "zan duba", abin da zai ji shi ne kana so a manta.

Abu ɗaya da ba a yi a wannan tsayuwa shi ne sa hannu. Idan aka miƙo maka takarda cewa ka yarda a cire kuɗin kayan daga albashinka, ka nemi a bari sai an bi diddigi. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya bai yarda mai aiki ya ci tarar ma'aikaci daga albashinsa ba, kuma ko asarar da aka ce sakacin ma'aikaci ne ya jawo, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago ake cire abin da ya dace. Ba a ƙofar sito za ka karanto masa doka ba. Saninta dai yana hana ka amincewa da abu don kawai kana so a rabu da kai.

Bayan ya juya baya ne ake yin kuskuren da ya fi daɗewa. Leburori za su matso su ce "Malam, ka yi haƙuri, haka yake yi wa kowa." Suna nufin alheri, amma duk abin da ka faɗa a nan zai isa ofis kafin La'asar, kuma da ƙari. Ka ce "ba komai, mu ƙarasa lodi", shi ke nan. Haka ma habaici a WhatsApp da dare, ko doguwar wasiƙar bayani ga manaja ƙarfe goma sha ɗaya. Ranar farko ba ta aika komai ba ce.

Washegari aikin tsinta ne, irin na mai tsince tsakuwa daga shinkafa. Ka ɗauki shafin da ka rubuta ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da za a iya ƙirgawa ko a nuna da yatsa. "Sakaci" ba ya ƙirguwa. Kwali 37 yana ƙirguwa, madarar da ta lalace tana nunuwa, rahoton da ake so ranar Litinin yake zuwa Laraba yana da kwanan wata. Waɗannan ukun su ne saƙon. Daga nan kowanne sai ya faɗa ɗaya daga cikin gida uku: gaskiya ne kuma yana hannuna, gaskiya ne amma yana hannun wani, ko ba gaskiya ba ne. Kada ka cika gidajen da ka. Zuciya za ta zuba komai a gida na biyu da na uku, ko kuma, idan kai mai yawan zargin kai ne, ta zuba komai a na farko. Takardu ne za su raba.

Bin diddigin giɓin sito yana da tsari. Ka fara daga ƙidayar ƙarshe da kowa ya yarda da ita, wato ta watan da ya gabata. Ka jera takardun shigowar kaya da direbobi suka kawo a gefe ɗaya, takardun fitar da kaya a ɗaya gefen, kowace bisa kwanan watanta. Sannan ka bi katin taliya layi-layi, kowane layi ka nemo takardarsa ka yi masa alama. Abin da kake nema iri biyu ne: layin da ba shi da takarda, da takardar da ba ta da layi. Idan duka sun dace amma giɓin yana nan, to kaya sun fita ba takarda ba layi, kuma a nan sai ka koma littafin maigadi na shige da ficen motoci da kuma saƙonnin wayarka.

Ga yadda 37 ɗin ya warware. Kwali 20 sun fita ranar wata Asabar da yamma a kan kiran waya daga manajan da kansa: a ba wani dila, takarda za ta biyo baya. Ba ta biyo ba. Lambar motar tana littafin maigadi. Kwali 12 ruwan sama ya jiƙa ta wajen kwanon da ke yoyo, an ware su a lungu, masu ƙidaya ba su sa su cikin kaya masu kyau ba, ni kuma ban cire su daga kati ba domin babu takardar kayan da suka lalace. Sauran 5 ba su da bayani. Abin da ya fi yiwuwa shi ne al'adar da nake da ita ta tara takardu a aljihu in cika kati da yamma bayan an tashi. Ranar da tirela biyu suka sauke kaya, ƙananan motoci kuma suna ɗauka, takarda ɗaya ta ɓace ko a rubuta 45 a madadin 50, babu mai ganewa sai ƙarshen wata.

Madarar kuwa gaba ɗaya tana gida na farko. Lebura yana sauke kwali a inda ya fi kusa da ƙofa, kuma da za a ɗauka daga nan zai ɗauka. Sabon kaya ya tare gaba, tsoho ya zauna a baya har ya mutu. Ƙa'idar da aka saba ji ita ce wanda ya fara shiga shi zai fara fita, amma a kayan abinci ba ta wadatar ba. Wanda lokacinsa zai fara ƙarewa shi ya kamata ya fara fita, domin yakan faru lodin da ya zo yau ya fi na makon jiya kusa da ƙarewa, idan ya daɗe a wajen wanda ya sayar muku. Wanda bai karanta kwanan watan da ke jikin kwali a lokacin saukewa ba, ba zai san haka ba.

Yanzu ga wurin da ya fi wuya. Fiye da rabin giɓin daga umarnin mutumin da ya yi faɗan ya fito. Zuciya tana so ka shiga ofis da wannan a gaba, ka ajiye masa littafin maigadi a kan tebur. Idan ka yi haka za ka ci gardama, shi kuma zai koma kare kansa, maganar ta tashi daga sito ta koma kan waye ya ce me. Ɓoye shi ma ba daidai ba ne, domin kuɗin kwali 20 yana wajen dila kuma dole a karɓo. Abin da ke aiki shi ne jeri. Ka fara da naka, ka faɗe shi gajere ba tare da kwaskwarima ba. Sannan ka kawo nasa a matsayin ramin da ke cikin tsari, wanda kai ma da hannunka a ciki tun da ka saki kaya ba ka rubuta ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, biyar ban samu bayaninsu ba, kuma na ga daga yadda nake cika kati ne. Madara ma daga jerin kaya ne, wannan nawa ne. Sha biyu suna nan a lungu, ruwa ya taɓa su, ina so a zo a gani a ba su takarda. Ashirin su ne na Asabar ɗin nan da aka ce a ba dila kafin takarda, ga lambar motar. Ni ne ban bi takardar ba ranar Litinin." Ya yi shiru, ya ɗauki waya ya kira akanta ya ce a duba asusun dilan. Bai ce ya tuna ba, ni ma ban nemi ya ce ba. Jiran shugaba ya ce "ashe laifina ne" ɓata lokaci ne, kuma ba ya cikin abin da ka zo nema. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma hakan ya shafi ɓangarorin biyu.

Tsarin gyara shafi ɗaya ne, kuma bai kamata ya wuce abu uku ba. Wanda aka yi wa faɗa yakan so ya nuna himma ya jero abu goma sha biyu, a mako na biyu ya kasa riƙe ko huɗu, sai takardar da ya rubuta da hannunsa ta zama hujja a kansa. Kowane abu a shafin dole ya amsa tambaya huɗu: me za a yi, yaushe, ta yaya wani zai gane an yi ba tare da ya tambaye ni ba, kuma me nake buƙata daga wani. Gwajin mai sauƙi ne. "Zan ƙara kula" da "zan dage" sun faɗi, domin babu wanda zai iya shigowa sito ranar Talata ya ga ƙarin kula. "Babu kwalin da zai tsallake ƙofa kafin a rubuta shi a kati" ya ci, domin kowa yana iya tsayar da mota ya duba.

Abu na farko a nawa shi ne wannan ƙa'ida ta kati. Don ta yiwu sai da katunan suka bar teburin ciki suka dawo kan allo a bakin ƙofa, da biro ɗaure da zare. Tare da ita akwai ƙidayar juyi. Siton yana da kaya kusan iri 60. Idan aka ƙirga iri 10 kowace safiya kafin motoci su fara zuwa, a kwana shida na aiki an zagaye siton gaba ɗaya. Amfaninta ba wai tana hana kuskure ba ne. Tana rage faɗin wurin da za ka nema. Giɓin da aka gano bayan kwana talatin yana nufin bin takardun wata guda, wanda aka gano bayan kwana shida kuwa takardun mako ɗaya ne, kuma direban da lebura suna iya tunawa. Don ƙidayar ta yi gaskiya, ka ƙirga kafin ka kalli kati. Wanda ya fara ganin 340 a kati, idonsa zai ga 340 a ƙasa.

Na biyu jerin kaya ne. Duk lodin da ya sauka, a rubuta watan ƙarewarsa da babban alƙalami a kwalin gefe, yadda za a hango daga ƙofa. Wanda ya rage masa ƙasa da kwana 90 a sa masa jan alama, a dawo da shi gaba, a kuma sa shi a rahoton mako domin masu sayarwa su tura shi. Kaya su hau katako, a bar tazara tsakaninsu da bango yadda mutum zai ratsa ya ƙirga ta baya. Wannan yana ƙara wa leburori aiki, kuma idan kuɗinsu a kan kwali ake biya ba za su so ba. Na rubuta hakan a shafin a matsayin abin da nake buƙata: a amince da ƙarin lokacin sauke lodi, kuma manaja ya faɗa wa shugaban leburori da bakinsa.

Na uku shi ne wanda ya taɓa manaja. Ban rubuta "a daina ba da umarni ta waya" ba, domin ba za a daina ba. Kasuwa ce, babban dila zai kira da yamma kuma ba za a ce ya jira Litinin ba. Tsarin da ya hana abin da dole zai faru yakan mutu a makon farko. Sai na buɗe littafin fita na wucin gadi: kwanan wata, kaya, adadi, lambar mota, wanda ya ba da umarni, sa hannun direba. A rubuta a kati nan take, sannan in tura wa manaja da akanta saƙo layi ɗaya kafin motar ta bar ƙofa. Duk layin da ya kwana biyu bai samu takardarsa ba zai fito a saman rahoton mako. Rahoton kansa na haɗa shi da wannan: tun da kati yana cika a kan lokaci, babu abin da zai hana shi isa teburin akanta Litinin kafin ƙarfe 10.

A ƙasan shafin akwai ranakun dubawa, kuma kai ne za ka nema, ba manaja ba. Minti goma duk bayan mako biyu, har ƙidayar wata biyu ta wuce. A zaman ba a tambayar "yaya kake ganin aikina yanzu?", domin wannan neman yabo ne kuma yana mayar da magana kan hali. Ana kai lamba: iri nawa aka ƙirga, nawa ne suka nuna giɓi, an gano dalili ko ba a gano ba, layi nawa ne a littafin wucin gadi ke jiran takarda. Tambaya ɗaya a ƙarshe: akwai abin da ka gani wanda ba ya cikin nan?

Inda tsarin yake karyewa sananne ne. Wajen mako na uku zafin faɗan ya huce, tirela ta zo gab da Magariba, kowa yana son tafiya, sai ka ce yau dai bari in cika da safe. Alamarsa ita ce takarda a aljihun riga. Idan ka taɓa aljihu ka ji takardar fitar da kaya, tsohuwar al'adar ta dawo. Wani wurin kuma ƙidayar juyi ce: idan mako biyu a jere ba ta nuna ko giɓin kwali ɗaya ba a siton da ke hada-hada, ka zargi ƙidayar kafin ka yi murna, ka sa wani ya ƙirga iri biyu ko uku ba tare da ya ga kati ba. Giɓin da ka gano da kanka ka kai shi zaman dubawa. Ɓoye shi don rahoto ya yi kyau yana mayar da kai inda ka fara, da ƙarin zargin rashin gaskiya.

Wannan hanya tana da iyaka. Idan faɗan ya koma zagin iyaye, ko gori a kan ƙabila ko addini, babu tsarin gyara da za a ciro daga ciki, sai ka rubuta rana da abin da aka faɗa da waɗanda ke wurin, ka kai inda kamfanin ya tanada. Idan kuma aka furta kalmar sata, maganar ta tashi daga gyaran aiki. Ka nemi a sake ƙidaya a gaban shaida, kada ka taɓa kati ko ka gyara lamba ko da kuskure ne bayyananne, kuma duk amsarka ta zama a rubuce. Haka idan takardar tuhuma aka ba ka: ka amsa cikin wa'adin da ke jikinta, batu bayan batu, da kwanan wata da lambobin takardu, ka riƙe kwafin da aka sa wa hannun karɓa.

A misalin taliya, an karɓo kuɗin kwali 20 daga dila, an rubuta wa 12 takardar lalacewa aka cire su daga kati, an kuma kira mai gyaran kwano. Biyar ɗin an shigar da su a matsayin giɓin da ba a gano dalilinsa ba, da sa hannuna da na akanta, aka buɗe sabon kati daga adadin da aka ƙirga a ƙasa.